An turo maka zanen gida ba ko kalma ɗaya: yadda ake karanta shi da abin da za ka amsa

Duk wanda yake harkar gini, ko birkila ne shi ko ɗan kwangila ko dai kawai wanda dangi suka sani da cewa ya san kan gini, ya san wannan abin. Kana zaune da daddare sai waya ta yi ƙara, ka buɗe WhatsApp ka ga hoton takarda, an zana akwatuna da biro an rubuta lambobi a ciki, shi ke nan. Ba sallama, ba bayani, ba tambaya. Ni dai na daina jin haushin wannan tuntuni, don na gane mafi yawan masu yin haka ba raini ba ne, a tunaninsu zanen ya riga ya faɗi komai, shi mutumin ya yi wata da watanni yana juya gidan nan a ransa har ya manta cewa kai yau ka fara ganinsa.

Zan bi da ku ta kan wani zane da ɗan yayata ya turo min, yaron yana aiki a Fatakwal, ya sayi fuloti a bayan gari a nan Kano. Takardar littafin makaranta ce ya yago, mai layi-layi, an ga babban yatsansa a gefe yana danne ta a kan gwiwa, ga kuma wani wuri a kusa da kicin da aka goge aka sake zanawa har takardar ta kusa hujewa. Wannan gogewar ita ta fara ba ni labari kafin shi ya buɗe baki.

Kafin ka taɓa lissafi, kalli hoton da kyau

Abu na farko, kada ka ɗauki kalkuleta. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi, ka tambayi kanka waye ya turo kuma a wane mataki yake. In magini ne ko mai sayar da bulo ya turo, kusan kullum lissafin kaya yake so ko yana so ka duba nasa lissafin. In mai gida ne wanda bai taɓa gini ba, to abin ya rabu biyu, ko yana so ya san nawa zai ci ko yana so a ce masa tsarin ya yi ko bai yi ba. Koma sama ka duba hirarku ta baya, sau da yawa amsar tana can, wata uku da suka wuce ya tambaye ka farashin siminti ko ya ce maka ya gama biyan kuɗin fili.

Sannan takardar da kanta tana magana. Zanen da aka cika shi da awo, kowane ɗaki da lambarsa, har da tsawon fulotin, yawanci mai shi ya gama yanke shawara kan tsari, lissafi yake nema. Zanen da ba awo sai sunayen ɗakuna, ko wanda aka yi ta gogewa, ko aka zana kibiya da alamar tambaya, mai shi bai natsu da tsarin ba tukuna. In ka ga an rubuta lambobin kuɗi a gefen takarda to kasafi ne yake damunsa. In an ɗauki hoton a fili ana hango yashi ko jibgin bulo a baya, wannan ya kusa fara haƙa, maganarsa ta gaggawa ce, kada ka bar shi ya kwana biyu. In kuma zanen kwamfuta ne mai hatimin akitek, ba gyaran tsari ake nema a wajenka ba galibi, farashin aiki ake so ka bayar. Akwai kuma wanda yake so ne a mayar masa da zanen hannu ya zama tsaftatacce, akwai wanda murna ce kawai yake nuna maka, yana jiran ka ce Allah ya sanya alheri, wannan ma ka fara da ita ko da me ya zo.

Na ɗan yayata ya haɗa alamu biyu, akwai awo a kowane ɗaki amma kuma ga gogewa a wajen kicin. Don haka na san dole in shirya wa duka biyun.

Amsar farko

Amsar farko ba ta ɗauke da farashi. Wannan na koye shi da tsada. Shekarun baya wani bawan Allah ya turo min zane irin haka, na duba sama-sama na ce masa bulo dubu biyu zai isa, ashe shi bene yake nufi, zanen ƙasa kawai ya turo, kuma da katanga a ransa. Ya je ya faɗa wa iyalinsa da wanda zai ranta masa kuɗi, da ginin ya tsaya a rabi sunana ne ya yi ta yawo a bakinsu. Lambar da ka fara furtawa ita take zama a kan mutum, duk sharaɗin da ka gindaya daga baya ba ya jin sa.

Abin da nake yi shi ne in faɗa masa abin da na gani, sannan in yi tambaya wadda zai iya amsawa da kalma biyu. Ga abin da na rubuta wa yaron:

"Salamu alaikum, na ga zane, Allah ya sa a shiga da rai da lafiya. Na ga ɗaki biyu, falo, kicin da banɗaki biyu. Lissafin kaya kake so ko in duba maka tsarin? Sannan lambobin nan ƙafa ne ko? Fulotin nawa da nawa ne, titi yana ta wane gefe, kuma ƙasa kawai za a yi ko akwai niyyar ɗora bene nan gaba?"

Faɗin abin da ka gani yana da amfani sosai, domin nan take za a gyara maka in ka karanta ba daidai ba, abin da ka ɗauka sito ne sai a ce maka ai ɗakin yara ne. In mutumin ba mai son rubutu ba ne, yi masa saƙon murya, da yawa abin da ya hana su rubutu tun farko ke nan, da sun ji murya sai su saki jiki su yi maka bayanin minti biyar.

Da safe ya amsa. "Kawu ina kwana, ƙafa ne, fulotin 50 da 50, titi yana gaba ta wajen falo, ba bene. Ina da kuɗin bulo 1,000 a hannu ne nake so in san ina za su kai ni. Kuma maman yara ta ce kicin ɗin bai yi mata ba." To kun gani, lissafi yake so amma ba na gidan gaba ɗaya ba, kuma gogewar nan hannun matarsa ne a ciki.

Tsari ake fara dubawa ko da lissafi aka tambaya

Ko da mutum ya ce lissafi kawai yake so, ni sai na duba tsarin tukuna, saboda lissafin da ka yi a kan tsarin da za a canja aikin banza ne, kuma gyaran da biro yake yi a takarda kyauta, in an aza bulo sai da guduma.

Ga yadda zanensa yake. Layin baya, daga hagu zuwa dama: ɗaki 12 da 12, wani ɗakin 12 da 12, sai wani siririn wuri mai faɗin ƙafa 6 da aka raba shi banɗaki biyu. Layin gaba mai zurfin ƙafa 14: falo mai faɗin 20, kicin mai faɗin 10.

Farko sai ka mayar wa bango kaurinsa, domin mai zanen hannu layi ɗaya yake ja, a wajensa bango ba ya cin wuri. Ɗakunan baya in ka haɗa 12 da 12 da 6 ka samu 30. Amma akwai bangon waje biyu na bulo inci 9, wato ƙafa ɗaya da rabi ke nan, da bangon ciki biyu na inci 6, ƙafa ɗaya. Faɗin ginin ya zama ƙafa 32 da rabi. Zurfi kuma 12 da 14 sun ba da 26, ka ƙara bangon waje biyu da na tsakiya ɗaya, ya zama 28. Shi a ransa gidan 30 da 26 ne. A fuloti 50 da 50 wannan bambancin ba zai hana gini ba, amma na sha ganin zanen da aka cika fili taf da ɗakuna, ranar da aka zo ja igiya sai a ga ƙafa 3 sun ɓace, a ƙarshe a matse banɗaki ko kicin ya koma kamar akurki. Kuma ka haɗa layin gaba da na baya ka ga ko sun zo daidai. A nan layin baya yana da bangon ciki biyu, na gaba yana da ɗaya, sai rabin ƙafa ya yi rara a gaba, ba matsala ba ce, amma in ka ga bambancin ƙafa 3 ko 4 to akwai lambar da aka rubuta ba daidai ba, tambaya za ka yi, kada ka cike da zato.

Na biyu, ka sa yatsa a ƙofar gida ka shiga kamar baƙo, ka bi duk inda ƙofa ta kai ka. Da na bi nasa sai na ga abin da ya dami matar. Banɗakin baya yana buɗewa ta ɗaki na biyu, wannan lafiya lau. Amma na gaba, wanda baƙi da yara za su yi amfani da shi, ba shi da inda zai buɗe sai cikin kicin, tunda kicin ɗin ne a gabansa. Ka ga baƙo namiji zai tashi daga falo ya ratsa ta gaban matar gida tana tuƙa tuwo ya shiga banɗaki, ga wari, ga rashin sirri. Ita ba ta iya faɗin abin da ya dame ta da lambobi ba amma ta yi gaskiya.

Na uku, kowane ɗaki ka ƙirga bangonsa nawa ne yake kallon waje. Ɗaki na biyu yana tsakiya, hagu ɗaki, dama banɗaki, gaba falo, bango ɗaya ne kawai na baya zai iya ɗaukar taga. Ɗaki mai taga ɗaya iska ba ta ratsa shi, a watan Afrilu a Kano wannan ɗakin ba ya kwantuwa in ba wuta. Abin da ya fi haka, in aka manna ginin da iyakar baya kamar yadda mutane suke yi don tsakar gida ta yi faɗi, ranar da maƙwabci ya tashi nasa ginin tagar ta mutu. Na ce masa ya bar aƙalla ƙafa 4 a baya, kuma tazarar da doka ta ce a bari daga titi da iyaka ya tambaye ta a hukumar tsara birane ta Kano, wato KNUPDA, lokacin neman izinin gini, kada ya ɗauki tawa a matsayin doka. Wanda yake Kaduna KASUPDA zai je.

Gyaran da na ba shi ɗaya ne kuma ya kashe matsala biyu. A ɗauke siririn banɗakunan nan daga gefe a sa su tsakanin ɗakunan biyu. Yanzu banɗakin gaba yana buɗewa ta ɓangaren falo, na baya yana buɗewa ta ɗakin mai gida, ɗaki na biyu kuma ya koma kusurwa ya samu taga biyu. Sai dai gyara yana jawo gyara, da ɗakin ya matsa dama sai ya zama ƙafa ɗaya kacal ya haɗa bango da falo, ƙofa ba za ta shiga ba. Sai na rage faɗin kicin daga 10 zuwa 8, falo ya zama 22 da rabi, aka samu ƙafa 3 da rabi, ƙofa ta zauna. Kicin 8 da 14 ya ishi gida irin wannan, musamman da yake yana da ƙofar fita tsakar gida inda za a riƙa girkin gawayi da wanke-wanke. Abin da aka rasa shi ne famfon kicin ya yi nisa da na banɗaki, filamba zai ƙara ɗan bututu, na faɗa masa wannan ma.

Sai abubuwan da ba sa cikin zane kwata-kwata kuma dole ka tambaya. Ina gabas? Mazaunin masai ba a so ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, kuma alƙibla a Kano gabas ce da ta karkata wajen arewa, wannan tun a takarda ake gyara shi kafin a binne bututu. Bangon yamma shi yake shan ranar la'asar ya riƙe zafi har dare, gara kicin ko sito ko banɗaki su tare wannan gefen ba ɗakin kwana ba. Hadari kuma a ƙasar nan daga gabas yake tasowa, tagar gabas da ba ta da rumfa a kai ruwa zai riƙa dukanta. Ina za a haƙa sokawe, kuma motar kwashe masai za ta iya kaiwa gare shi? In akwai niyyar rijiya, tazarar da ake so tsakaninta da sokawe ƙafa 50 ce ko fiye, ka ga a fuloti 50 da 50 abin da wuya, kuma na maƙwabci ma yana cikin lissafi. Sannan zaure. A zanensa daga titi sai tsakar gida sai falo. Ginin ya ci 28, an bar 4 a baya, saura 18 a gaba, in aka yi ɗan zaure mai zurfin ƙafa 8 a kusurwa ɗaya mai sallama zai tsaya a can ba tare da ya ga cikin gida ba.

Shawara ɗaya a nan, kada ka jero wa mutum aibi goma. Zanen nan shi da iyalinsa suka zauna suka yi shi. Ka zaɓi biyu ko uku waɗanda in an gina su ba sa gyaruwa, ka faɗi dalili, ka zana gyaran a takarda ka ɗauki hoto ka mayar masa, ya fi dogon bayani saurin shiga.

Yanzu lissafi

Duk lissafin gini na ƙasa daga abu ɗaya yake tashi, tsawon bango gaba ɗaya. Ka raba shi biyu, na waje da na ciki, ka riƙa sa alama da jan biro a kan duk bangon da ka ƙirga don kada ka ƙirga bangon da ɗaki biyu suka haɗa sau biyu, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, mutum ya zagaye kowane ɗaki shi kaɗai ya tara, sai bulo ya ƙaru da ɗaruruwa.

Bangon waje: 32 da rabi sau biyu, 28 sau biyu, ya ba da ƙafa 121. Ka cire ƙafa 3 saboda kusurwa huɗu da aka ƙirga sau biyu, saura 118, wato kusan mita 36. Bangon ciki: dogon na tsakiya 31, biyu na layin baya 12 da 12, wanda ya raba banɗaki 6, na tsakanin falo da kicin 14. Jimla ƙafa 75, kusan mita 23. Abin daɗi, gyaran da na yi masa bai canja wannan tsawon ba ko kaɗan, wurin bangon kawai aka matsar. Ina mayar da ƙafa mita ne saboda ƙa'idar bulo a mita ta fi sauƙi, ka ninka ƙafa da 0.305.

Bulon da muke amfani da shi a Najeriya tsawonsa inci 18, tsayinsa inci 9, kaurin ne yake bambanta, 9 ko 6. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10. In zanen daga Maradi ko Damagaram aka turo maka to ka kula, can da mita ake awo kuma bulon santimita 40 da 20 ne, yana kai 12 da rabi a murabba'in mita, in ka yi musu lissafin Kano kaya za su gaza.

Tsayin bango daga daɓe zuwa inda katakon rufi zai zauna na ɗauka mita 3. Na waje 36 sau 3, murabba'in mita 108. Na ciki 23 sau 3, 69. Sai a cire ƙofofi da tagogi. A waje akwai ƙofa biyu, taga babba 7 mai ƙafa 4 da 4, da ƙaramar tagar banɗakin baya, duka sun kai kusan 14 da rabi, saura 93 da rabi, bulo 935 na inci 9. A ciki ƙofa biyar sun ci kusan 9, saura 60, bulo 600 na inci 6. Ban cire wurin da linta za ta zauna ba da gangan, sahu guda ne na kusan bulo 130, na bar shi ya zama rarar wanda zai fashe wajen saukewa da wanda birkila zai sara.

Fandisho shi ne inda zane ba ya faɗa maka komai, ƙasar wurin ce take faɗa. Tsawon bango duka mita 59, kowane sahu yana cin bulo kusan 130, kuma a ƙasa inci 9 ake sawa ko'ina har ƙarƙashin bangon ciki. Na ɗauka sahu 4, bulo 520. Amma na rubuta masa ɓaro-ɓaro cewa in wurin kwari ne ko titi ya fi filin tudu, zai iya kai sahu 6 ko 7, kowane sahu ƙarin 130 ne da ƙarin ciko. In tsohon kududdufi ne aka cike ko ƙasar laka ce mai tsagewa da rani, wannan ba maganar waya ba ce, injiniya ne zai je ya gani. Jimla dai inci 9 kusan 1,460, inci 6 kuma 600.

Siminti kashi-kashi ake lissafa shi. Wajen aza bulo, buhu ɗaya yana ɗaukar kusan 50 na inci 9 ko 70 na inci 6, ya danganta da hannun birkila da kyan yashi, ya kama buhu 38. Kankaren ƙasan fandisho, faɗin inci 27 kaurin inci 6 a tsawon mita 59, ya kai kubik mita 6, a haɗin siminti 1 yashi 3 tsakuwa 6 kowane kubik yana cin kusan buhu 4 da rabi, buhu 27 ke nan. Jamanfulo, wato kankaren daɓe, mai kaurin inci 4 a kan ginin duka kubik 8 da rabi ne, buhu 38 a wannan haɗin. Linta in za a zagaye da ita duka, kuma ni ita nake ba da shawara don tana ɗaure ginin, tana son haɗi mai ƙarfi na 1 da 2 da 4, kusan buhu 17. Filasta ciki da waje, ka ninka faɗin bangon sau biyu ka samu kusan murabba'in mita 307, buhu ɗaya yana shafe kusan 10, buhu 31. In ka tara, 151. Na ce masa ya riƙe 150 zuwa 165 a ransa, kada ya riƙe lamba ɗaya.

Rodin linta mai sauƙi ne, sanda 4 na mili 12 a tsawon mita 59 ya ba da mita 236, kowane rodi mita 12 ne, kusan 20, da haɗin baki ka ce 22, ban da na zobe da waya. Tayil kuma faɗin cikin ɗakunan ne, ya kama kusan murabba'in mita 72, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka, ka ce 80, na bangon kicin da banɗaki daban.

Rufi ban ba shi lamba ba. Zanen ƙasa ba ya nuna tsayin rufi ko fasalinsa, kuma kwano mai bandir da dogon kwano da ake yankowa da mita lissafinsu ba ɗaya ba ne, na ce ya zaɓi irin da yake so sannan kafinta ya auna. Haka filoli, in da ya ce akwai niyyar bene ko da bayan shekara goma ne, da ban ba shi lissafin fandisho da rodi ba sam, wannan sai da zanen injiniya, domin rai ne a ciki.

Abin da za ka rubuta a ƙasan lissafin

Wannan sashen ya fi lambobin muhimmanci a wajena. A ƙarƙashin lissafin ka rubuta abin da ka ɗauka da abin da ba ya ciki. Na rubuta masa: wannan na ginin ƙasa ne, tsayi mita 3, fandisho sahu 4. Babu katanga da get, babu zaure, babu sokawe, babu ciko, babu rufi da silin, babu wayarin da aikin famfo, babu ƙofofi da tagogi, babu ruwan aiki da kuɗin ma'aikata. Katanga ita ce take ba mutane mamaki, zagayen fuloti 50 da 50 ƙafa 200 ne, in za a ɗaga ta ƙafa 8 tana neman bulo sama da 1,400 tun ba a sa na fandishonta ba, kusan duk bulo inci 9 na gidan ke nan.

Kuma yawan kaya nake bayarwa, ba kuɗi ba. Farashin siminti da rodi yana iya canjawa kafin sati ya zagayo, shi kuma saƙon yana nan a wayarsa zai buɗo maka shi bayan wata takwas. In ya matsa sai ka sa kuɗi, rubuta ranar da ka tambayo farashin a jiki, ko ka ce ya ninka da farashin ranar da zai saya.

Sai tambayarsa ta asali, bulo 1,000 ina za su kai shi. Fandisho zai cinye 520, saura 480, wanda a bangon waje kaɗai mai cin kusan 80 a sahu zai kai sahu 6, wajen tsakiyar taga. Amma ban ba shi shawarar haka ba. Bangon waje da aka ɗaga shi kaɗai ba a sarƙe shi da na ciki ba, aka bar shi damina ta bi ta kansa ba linta, yana tsagewa ko iska ta tura shi, kuma in an zo haɗa na ciki daga baya mahaɗar ba ta kamawa sosai. Na ce masa, ka sayi 550 kawai, ragowar kuɗin ka karkatar da shi wajen siminti da tsakuwa da ciko, ka fitar da fandisho ka cike, in kuɗin jamanfulo bai samu ba ka bar cikon ya sha damina ɗaya ya zauna da kyau, wannan ribarka ce ba asara ba. Simintin kuma kada ka saya ka ajiye, ranar aiki ake sayensa, in ya daɗe a sito yana daskarewa.

Bayan kwana biyu ya sake turo hoton takarda, wannan karon sabon zane ne da banɗakunan a tsakiya, an ƙara ɗan akwati a kusurwar gaba an rubuta zaure, an ja kibiya an rubuta gabas. A ƙasa ya rubuta, "Kawu maman yara ta ce yanzu ya yi, tana gaishe ka. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ƙanena zai zo ya ɗauke ka ku je ku ga filin." Na ce masa ya gaya wa ƙanin nasa ya taho da tef da igiya da diga, don ina so a haƙa rami ɗaya mai zurfin ƙafa 3 a tsakiyar filin in ga kalar ƙasar kafin in tsayar masa da yawan sahun fandisho.